Me za mu kira lamba 3? Muhawara kan zanen zuciya

Mushe Sani (Madarunfa): Assalamu alaikum malamai. Ga hoton shafin da na ɗauko daga littafin kimiyyar rayuwa na kolej, zanen zuciya ne da lamba 1 zuwa 9. Ina so in yi wa ɗalibaina takardar bita, sunan Faransanci a hannu ɗaya, na Hausa a ɗaya hannun, don na lura suna haddace sunayen ba tare da sun san me ke shiga ina ba. Na farko huɗu su ne "veine cave supérieure", "aorte", "artère pulmonaire" da "veines pulmonaires". Da na zo rubutawa sai na ga duka huɗun jijiya nake sa musu. Sauran su ne "oreillette" biyu da "ventricule" biyu, dama da hagu. Lamba 9 ba ta karantuwa a kwafina. A taimaka.

Madam Hadiza: Wa alaikumus salam Mushe. Kafin a je ga suna, hotonka a juye yake. Inda aka rubuta "droite" yana hannun hagu na shafin. Da kamarar gaba ka ɗauka?

Mushe Sani (Madarunfa): A'a Madam, da ta baya. Duba rubutun, ai daidai yake karantuwa. Da a juye yake da haruffan ma sun juye.

Majo Rabi: Ba a juye yake ba Madam. Haka ake zana zuciya a kowane littafi, kamar ta mutumin da ke tsaye gabanki yana kallonki, damansa na wajen hagunki. In kina shakka a kan wani zane, duba ɗakunan ƙasa guda biyu. Wanda bangonsa ya fi kauri shi ne na hagu, kuma tsinin zuciyar ta wajensa yake karkata. Mushe, wannan ya kamata ya shiga takardarka tun a sama, domin in ka rubuta dama kawai yaro zai duba hannunsa ne. Ka sa "damar mai zuciyar".

Madam Hadiza: To madalla. Amma ku sani rabin ajin haka za su gan shi kamar yadda na gani.

Lawali na Zariya: Maganar jijiya mai sauƙi ce Mushe. "Artère" jijiyar jini mai kyau, "veine" jijiyar gurɓataccen jini. Haka nake gaya wa nawa, kuma zanen ma ya nuna, ja da shuɗi. An gama.

Majo Rabi: Ba a gama ba ƙanena. Buɗe hoton ka kalli lamba 3. Wane launi gare ta?

Lawali na Zariya: Shuɗiya ce. To ko maɗaba'a ce ta yi kuskure?

Majo Rabi: Babu kuskure. Lamba 3 "artère" ce, amma jinin da ke cikinta shi ne wanda ya gama zagaya jiki ya dawo da ƙarancin oksijan, zuciya na tura shi huhu ya ɗebo. Lamba 4 kuma "veine" ce, ga ta ja, don ita ke dawo da jinin daga huhu cike da oksijan. Da sunanka, yaro zai kira lamba 3 jijiyar jini mai kyau alhali ita ke ɗauke da wanda kake kira gurɓatacce. Abin da ya raba su biyun shi ne inda jinin ya nufa. Duk wadda ke fitar da jini daga zuciya "artère" ce, duk wadda ke komo da shi "veine" ce, ko wane irin jini ne a ciki. Launin zanen wani labari yake bayarwa daban, na oksijan. A mafi yawan jiki labaran biyu sun dace da juna, shi ya sa maganarka ke tafiya har sai an zo huhu.

Sannan kalmar gurɓatacce ni ba na son ta ko kaɗan. Marasa lafiya na zuwa mana suna cewa a cire musu mataccen jini don sun ga wanda aka ɗiba a hannunsu ya yi duhu. Lafiyayyen jini ne, oksijan ɗinsa ne ya ragu. Kuma ba shuɗi ba ne, ja ne mai duhu. Shuɗin na masu zane ne.

Lawali na Zariya: Na ji Yaya Rabi, amma a zauna a ce wa ɗan shekara sha uku "jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa huhu"? Wannan ai jimla ce. Wurin da ke gefen kibiya ba zai ɗauke ta ba.

Baba Isuhu: Salamu alaikum ƴaƴana. Wagga matsala ba yau ta hwara ba. Tun da anka buɗe makarantar gwaji ta hwarko a Zinder a 1973, malaman da ke koyarwa da Hausa suke hwama da irinta. Abin da ni na koya cikin aikin shi ne, in kalma guda ta rungume abubuwa da yawa, kada ka kore ta, ka ba ta wutsiya gajera. Jijiya a bakin Bahaushe ta jini ce, ta saƙo ce wadda in ta mutu ƙahwa ta shanye, kuma ita ce wadda ke gagarar haƙori cikin nama. To ku ce jijiyar kai jini da jijiyar maido jini. Kai da maido, kowane yaro da anka taɓa aike ya san su. Lamba 3 ta zama jijiyar kai jini huhu, lamba 4 jijiyoyin maido jini daga huhu. Ku lura da jam'in, littahin ya sa shi don huɗu ne, biyu daga kowane huhu, ko da zanen biyu kaɗai ya nuna.

Mushe Sani (Madarunfa): Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ya zauna mini. Lamba 2 sai in ce babbar jijiyar kai jini, lamba 1 babbar jijiyar maido jini ta sama, tunda akwai ƴar'uwarta ta ƙasa.

Majo Rabi: Ya yi, amma a lamba 2 ni zan ajiye sunan nan awort kusa da shi, don duk inda yaro ya je da shi zai tarar. Kuma in ka kai darasin hanta za ka ci karo da wata "veine" da ke ɗaukar jini daga hanji ta kai shi hanta, ba zuciya kai tsaye ba. Ita ma a hanyar komawa take, sai dai ta yi zango. Ina faɗa ne don kada wani yaro mai wayo ya tsare ka da ita.

Nasiru ɗan Jibiya: Ni ban gane wahalar ba. A nan gefenmu "artery" da "vein" muke cewa ko cikin Hausa muke magana, kuma ana ganewa. Ku ara kawai ku huta.

Madam Hadiza: Aro daga wa, Malam Nasiru? Ku Ingilishi, mu Faransanci. Ga Jibiya ga Maradi, tafiyar da ba ta kai yini ba, amma in kowa ya ari na makarantarsa yaranmu ba za su iya karanta takardar juna ba. Kuma "veine" in ka mai da ita bakin Hausa me za ta zama, ben? Jijiyar maido jini kuwa har Kano a gane ta.

Nasiru ɗan Jibiya: A gane ta, amma ba ita za a tambaya a jarrabawa ba.

Mushe Sani (Madarunfa): Shi ya sa na ce hannu biyu. Brebe da Faransanci za su rubuta shi, ba na taɓa wannan. Hausar don su san abin da suke rubutawa ne. Mu zo kan ɗakunan. Wani abokin aiki ya ce mini "oreillette" ƙaramin kunne ne, in rubuta kunnen zuciya.

Hajiya Zuwaira: Ni dai ba malama ba ce, ɗiyata ce ke kolej kuka sa ni a nan. Amma zuciyar rago na sha yanka ta, kuma lallai akwai wasu ƴan fatu biyu a samanta masu kama da kunne. Ba su ake nufi ba? Majo, tunda kina nan, mijina an ce zuciyarsa ta kumbura, wane ɗaki ne daga cikin waɗannan?

Majo Rabi: Hajiya, maganar Alhaji sai wanda ya ga hoton ƙirjinsa da awonsa, kada in yi miki ƙiyasi a nan. Ki riƙe takardun ku koma wurin likitan da ya duba shi. Amma tambayarki ta farko ita ce ta kashe kunnen zuciya. Waɗannan fatun da kike gani gaskiya ne suna nan, sai dai ɗan leɓe ne kawai na ɗakin, ɗakin kansa na bayansu, kogo ne da jini ke taruwa a ciki. In Mushe ya rubuta kunne, yaron da ya taɓa riƙe zuciyar rago ranar layya zai ɗauka fatar ake nufi, alhali layin da ke zanen cikin kogon ya shiga.

Baba Isuhu: Zaure ne. Nan baƙo ke hwara sauka kahin a shiga da shi ciki, jini ma nan shika sauka. Kalmar da likitoci ke amfani da ita yanzu, wadda Nasiru ya sani, "atrium", asalinta ma hilin shiga gidan Rumawa ne. Zauren dama, zauren hauni.

Madam Hadiza: Baba, ku gafarce ni, zaure na da daɗin ji amma ina jin tsoronsa. In na sama zaure ne, na ƙasa me ke nan, turaka? Sai darasi ya koma ginin gida, yara na dariya. Ni ɗakin sama da ɗakin ƙasa nake cewa. Yaro na kallon zane ya ga sama ya ga ƙasa, babu abin haddacewa.

Baba Isuhu: Ɗiyata, sama da ƙasa na gaya ma yaro inda abu yake bisa takarda, ba su gaya mishi aikinshi. Ki aza zuciyar rago bisa tebur ta kwanta, ina sama ina ƙasa?

Lawali na Zariya: To a bi hanyar da Baba ya kawo ɗazu mana. Ɗakin karɓa da ɗakin turawa. Ya dace da kai da maido, sai zanen duka ya karantu da aiki: jijiyar maido jini ta zuba a ɗakin karɓa, ɗakin turawa ya tura cikin jijiyar kai jini.

Majo Rabi: Yau ka biya bashin gurɓataccen jini, Lawali. Sai dai mai son gardama zai ce ɗakin karɓa ma yana matsewa ya tura jini ƙasa, kuma gaskiya ne. Amma turawar da ke fitar da jini daga zuciya ta na ƙasa ce, kuma kaurin bango na nuna haka. Na hagu bangonsa ya kai kusan ninki uku na na dama, don shi ke tura jini har tafin ƙafa. In an auna ka an ce tansiyonka 12, ƙarfinsa ne ake aunawa. Na dama huhu kawai yake kaiwa, ga shi nan kusa, a wannan ma'aunin bai fi 2 da rabi ba. In sunan ya sa yaro ya tambayi dalilin kaurin, ya yi aikinsa.

Madam Hadiza: Ni dai ina nan kan sama da ƙasa ga masu farawa. Mushe ya zaɓa, ajinsa ne.

Mushe Sani (Madarunfa): Zan sa karɓa da turawa a takarda, zauren Baba in faɗe shi da baki. Saura lamba 9.

Lawali na Zariya: Na buɗe hoton iya buɗewa. Ina ganin kan kibiyar na cikin ɗakin turawa na hagu, tana nuna sama. Wataƙila hanyar jini ce.

Madam Hadiza: Abu biyu ka haɗa. A zanen nan akwai layi iri biyu. Akwai kibiya mai lanƙwasa mai kai, tana cikin ɗakunan, ita ke nuna inda jini ya nufa, ba ta da lamba. Akwai kuma miƙaƙƙen layi siriri da ya taso daga lamba ya ƙare a kan abin da ake ba suna. A hoton Mushe layin 9 ya ratsa ta kan kibiyar jinin, shi ya sa ka ga kamar abu ɗaya ne. Bi shi da ido har ƙarshe, ya wuce kogon. Abin da ban iya rabewa ba shi ne ko ya tsaya a bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu, ko a ƴar fatar da ke bakin ƙofa tsakanin sama da ƙasa. Tazararsu a hoton ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba. Mushe, ka sake ɗauka da rana, ka danne littafin ya kwanta sosai, ka riƙe wayar daidai samansa, kuma ka turo shi a matsayin fayil don kada a matse hoton. Ka haɗa da rubutun ƙasan zanen, ka yanke shi a na farko.

Mushe Sani (Madarunfa): Littafin kansa fotokopi ne aka sake yi wa launi da hannu, amma ga shi na sake. Rubutun ƙasa: "Coupe longitudinale du cœur". Na yi niyyar sa "hoton zuciya" kawai.

Baba Isuhu: A'a Sani, kada ka yi haka. Wannan layin shi ke gaya ma yaro ta ina anka shiga. Na hwarko ba hoto ba ne, zane ne, an gyara shi an miƙe komi don a gani. Na biyu, an tsaga zuciyar ne daga sama zuwa tsini, shi ya sa ɗaki huɗu ke bayyana. In an datse ta a gicciye wajen tsakiya, abin da littahi ke kira "coupe transversale", rami biyu kaɗai za ka gani: guda zagayayye mai kaurin bango, shi ne na hauni, guda kuma siriri ya lanƙwashe a jikinshi. Yaron da bai san bambancin yankan ba, ran da anka kawo mishi na biyun sai ya rantse ba zuciya ba ce. Rubuta "zanen zuciya, tsagin tsaye". Ɗayan ka kira shi datsin gicciye. Mahauta ma tsagawa da datsawa suke cewa, ba su haɗa su.

Kuma in za ka buga takardar, ka nemi haruffa masu ƙugiya a wayarka. Tun 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan. Ɗaki ba daki ba ne.

Majo Rabi: Sabon hoton ya fito. Layin 9 a kan fatar ya tsaya, ba a bango ba, kuma ina iya karanta "valv" a farkon kalmar. "Valvule" ce, ta hagu, wadda ake kira mitral. Leɓe biyu gare ta, ta dama uku.

Nasiru ɗan Jibiya: Wannan kam bawul ne, ko mai facin taya ya san shi. Iska ta shiga ba ta fita.

Lawali na Zariya: Marfi.

Madam Hadiza: Marfi ana ɗaga shi da hannu a ajiye gefe, kuma yana toshe shiga da fita duka. Ƙyaure ya fi kusa, yana maƙale yana buɗewa gefe guda. Bawul ɗin Malam Nasiru ya fi duka faɗin aikin, sai dai ban sani ba ko yaran ƙauyen Mushe da wannan sunan suka san na taya.

Majo Rabi: Kafin ku yanke, Mushe ka sayi zuciyar rago ka kai aji, sunan zai fi sauƙin fitowa daga bakin yaran. Ka je wurin mahauci tun da safe ka roƙe shi ya bar maka ita da jijiyoyinta da tsawo, in ya yiwu da huhun gaba ɗaya, don yawanci suna shafce saman su tafi da ɗakunan karɓa, sai ka tarar da ramuka kawai. Jijiyoyin kai jini za ka gan su farare masu kauri, bakinsu a buɗe ko babu komai ciki, in ka ja su su koma. Na maido jini laɓa-laɓa suke, a kwance, sai ka neme su da yatsa. Ɗura ruwa ta babbar jijiyar maido jini ta sama, ka matse ta ƙasa da yatsa: ruwan ta lamba 3 zai fito, ba ya taɓa fitowa ta awort, don dama da hagu ba su da ƙofa tsakaninsu. Sannan ka zuba ruwa cikin awort daga sama. Zai tsaya cak bai gangara ba, saboda akwai wasu ƴan aljihu uku a gindinta da ke cika su rufe hanya. Su ma "valvule" ne, amma siffarsu ba ta ƙyaure ba ce ko kaɗan. In ruwan ya zube, duba da kyau, galibi wuƙa ce ta taɓa wurin.

Madam Hadiza: To ƙyaurena ya faɗi a nan ke nan. Sai dai a ce mahanin komawar jini, ya rufe duka iri biyun, amma ya yi nauyi a baki.

Baba Isuhu: Bar shi da nauyinshi tukuna. Sani ya rubuta bawul da mahanin komawa duka biyu da alli, ya ga wanda yaran za su riƙe bayan sati.

Mushe Sani (Madarunfa): Haka zan yi Baba. Ƙanen matata mahauci ne, na kira shi yanzu, ya ce zai ajiye mini ranar kasuwa. Na kwatanta masa fatar, ya ce ya san ta, har da wasu fararen zare da ke riƙe da ita daga ƙasa. Na ce me kuke kiran zaren, ya ce jijiya.

Majo Rabi: Su ke hana leɓen kifewa sama in ɗakin turawa ya matse. Ba jini a cikinsu, kada ka bari su shiga layin kai da maido. A takardarka sa musu zaren bawul, ko na mahani, duk wanda ya ci.

Lawali na Zariya: Mushe in ka tsaga ka ɗauko mana hoton zaren kusa-kusa, littafina bai zana su ba sam.